Na mayar da kowane div ya zama section: gyara na yi ko ɓarna?

Sadiya_Garwa

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Wata ƙungiyar manoman albasa a nan Garwa ta ba ni aikin gina mata shafin da za a riƙa sanya rubuce-rubuce kan shuka, ban ruwa da ajiyar amfanin gona. Shafin da nake aiki a kansa yanzu yana ɗauke da rubutu guda mai tsawo kan yadda ake ajiye albasa bayan girbi, kuma an raba shi kashi uku, wato busarwa, ginin rumfa da tsince wadda ta fara ruɓewa. A sama akwai sunan ƙungiyar da hanyoyin shiga sauran shafuka, a dama akwai akwatin farashin kasuwa da jerin wasu rubuce-rubuce, a ƙasa kuma akwai sharhin masu karatu.

Da farko da alamar HTML ta `div` na gina komai. Sai wani abokin karatuna ya ce mini `div` tsohon yayi ne, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar da su `section`, har suka kai 23. A ido babu abin da ya canza, amma da na sa shafin a mai duba HTML na validator.w3.org sai ya jero mini gargaɗi iri ɗaya sau da yawa, wanda ya fara da `Section lacks heading`. Ina roƙon a fayyace mini inda kowace alama ta dace a wannan shafin, domin ba na so in miƙa wa mutane aikin da ni kaina ba zan iya kare shi ba.

DanKusiri

Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Abin ba shi da wahala. Duk abin da yake sama `header` ne, na ƙasa `footer`, na tsakiya `article`, wanda yake gefe kuma `aside`. Gargaɗin nan ba kuskure ba ne, kina iya barinsa. Kuma kada ki koma wa `div`, domin na ji cewa Google ya fi ɗaga shafin da yake da sababbin alamomi.

MalamIsa_Marwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena na Kusiri ya yi gaskiya da ya ce gargaɗi ba kuskure ba ne, amma rabon da ya yi bisa ga wuri, a ce wannan na sama ne wancan na gefe, shi ne tushen ruɗanin da yawancinmu muka faɗa a farkon koyo. Waɗannan alamomi ba su san sama ko gefe ba. Dukkansu burauza tana shimfiɗa su ne iri ɗaya, kowace ta kama layinta daga wannan gefe zuwa wancan, shi ya sa Malama Sadiya ba ta ga wani canji ba. Wurin da abu zai zauna aikin CSS ne, alamar kuwa tana faɗin ko mene ne abin da ke cikinta.

Malama Sadiya, ki ɗauki akwatunanki 23 ki yi wa kowanne tambaya. Idan kika yanke wannan abu kika tura shi shi kaɗai ga wani manomi a Mokolo wanda bai taɓa buɗe shafin ba, zai fahimce shi daga farko har ƙarshe? Idan zai fahimta, `article` ne, kuma rubutunki na ajiyar albasa gaba ɗayansa haka yake. Idan kuwa abin yanki ne na wani babban bayani, yana da maudu'insa har za ki iya sa masa kai ba tare da kin ƙago kan da ƙarfi ba, to `section` ne, kamar kashi ukun da kika ambata. Sashen busarwa yana da kansa, amma idan kika tura shi shi kaɗai mai karatu zai tambaya, busar da me, kuma bayan nan sai me? Abin da ya rage, wato akwatin da kika buɗe don kawai ki ba shi launi, ko ki tsakaita rubutu, ko ki jera abubuwa biyu kusa da juna, `div` ne. Ƙa'idar HTML da kanta ta ce `section` ba akwatin zuba komai ba ne, kuma ta ce a yi amfani da `div` idan ado ko rubutun JavaScript ne kawai dalili. Ga ƙashin shafin yadda nake ganinsa:

```html
<body>
  <header><nav>...</nav></header>
  <div class="shimfida">
    <main>
      <article>
        <h1>Ajiyar albasa bayan girbi</h1>
        <section><h2>Busarwa</h2>...</section>
        <section><h2>Ginin rumfa</h2>...</section>
      </article>
    </main>
    <aside>...</aside>
  </div>
  <footer>...</footer>
</body>
```

Ki lura da `div` ɗin da ya rungume `main` da `aside`. Ba shi da wata ma'ana ga mai karatu, an sa shi ne domin a jera su biyun kafaɗa da kafaɗa, kuma wannan aiki ne da babu alamar da ta fi shi cancanta da shi.

Sadiya_Garwa

Allah ya saka da alheri, Malam. Na bi su kamar yadda ka ce, sai na tarar guda biyar ne kawai suke da kai na gaskiya: kashi ukun rubutun, wurin sharhi, da jerin sauran rubuce-rubuce. Sauran 18 ɗin duk na ado ne, har da wanda na naɗe hoto guda ɗaya a cikinsa don in sa masa iyaka.

MalamIsa_Marwa

Wannan na hoton, idan akwai bayani a ƙarƙashinsa, `figure` ne ya dace da shi, bayanin kuma ya shiga `figcaption`. Idan babu bayani, ki sa wa hoton iyakar kai tsaye, ba ya buƙatar akwati.

Tijjani_Gidar

Salam ga kowa. Ni ma na taɓa shiga wannan matsalar. A kwamfuta akwatin gefe yana dama lafiya lau, amma da zarar an buɗe a waya sai ya matse rubutun har kalma biyu ba sa samun layi ɗaya. Abin da ya fitar da ni shi ne `display: grid` tare da `@media`, inda na ce idan allo ya gaza wani faɗi, komai ya koma layi guda. Ki gwada wannan, Malama, gargaɗin zai tafi.

Rabi_Gaundare

Malam Tijjani, maganin da ka kawo na wata cuta ce daban, domin mai duba HTML ɗin ba ya kallon yadda aka jera abubuwa a allo, kuma gargaɗin ba zai tafi da `grid` ba. Sai dai maganarka ta tuna mini da abin da ya shafi tambayar. Na taɓa yi wa wata makaranta shafi na rubuta akwatin gefe kafin babban rubutu a cikin fayil, saboda ina so ya fito a hagu. Da aka koma layi guda a waya, sai iyaye suka riƙa wuce jerin sanarwa mai tsawo kafin su kai ga abin da suka zo karantawa. Na yi ƙoƙarin juya su da `order`, ya gyaru a ido, amma mai tafiya da maɓallin Tab har yanzu ta tsohon jerin yake bi. Sai da na koma fayil ɗin na sa `main` a gaba. Tsarin Malam Isa ya riga ya kauce wa wannan.

Akwai kuma abin da nake so a tabbatar mini. Lokacin da na koyi HTML5, wajen 2014 da W3C ta tabbatar da shi, an koya mana cewa kowane `section` yana iya farawa da `h1`, burauza za ta gane matakinsa daga zurfin da yake ciki. Na ga Malam ya sa `h2`. Shin zaɓi ne kawai?

MalamIsa_Marwa

Hajiya Rabi, abin da aka koya muku yana cikin ƙa'idar a wancan lokaci, ba ƙage aka yi muku ba. Matsalar ita ce babu burauzar da ta taɓa aiwatar da wannan lissafin matakai ta yadda manhajojin karanta allo za su amfana da shi. Abin da burauzoji suka yi kawai shi ne rage girman haruffan `h1` idan yana cikin `section`, sai mai gina shafi ya ga kamar abin yana aiki, alhali ga wanda yake saurare da kunne duk kawunan mataki na ɗaya ne. A 2022 WHATWG, ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar HTML, ta cire wannan tsarin daga ƙa'idar. Saboda haka lambar da ke jikin kan ita ce matakinsa, ko an naɗe shi cikin `section` goma ko ba a naɗe ba.

Wannan yana da wani sakamako da ban so in ɓoye wa Malama Sadiya ba. Kashi ukun rubutunta, ko da ta cire musu `section` ta bar `h2` kawai da sakin layi a ƙarƙashinsa, shafin bai rasa kome ba. Kawunan ne suke ɗauke da nauyin tsarin.

Hamidu_Njamena

Assalamu alaikum. Ban saba yin magana a nan ba, amma wannan batu ya shafe ni kai tsaye, domin ba na gani, kuma da manhajar karanta allo ta NVDA nake karatu a kwamfuta, a waya kuma da TalkBack. Bari in gaya muku abin da nake yi idan na shiga shafi irin na Malama Sadiya. Ba na sauraren shafi daga sama har ƙasa, kamar yadda ku ma ba ku karanta kowace kalma. Ina danna H in yi tsalle daga kai zuwa kai, ko in danna D in yi tsalle tsakanin manyan zangunan shafin, wato wurin hanyoyin shiga, babban rubutu, akwatin gefe da ƙasan shafi. Idan akwai `main`, danna biyu ko uku sun kai ni ga rubutun. Idan babu, sai in bi ta kan sunan ƙungiya da hanyoyin shiga goma sha wani abu a kowane shafi na buɗe.

Game da `section` 23 ɗin nan, ki kwantar da hankalinki, Malama, ba su cutar da ni ba, amma ba su amfane ni ba. Wanda ba a raɗa masa suna da `aria-label` ko `aria-labelledby` ba, manhajar ba ta ɗaukarsa zango, tana wuce shi shiru kamar `div`. Wanda ya fi wahalar da ni shi ne mai ginin da ya ji wannan maganar sai ya bi dukkansu ya sa musu suna. Na taɓa shiga shafin wani ofishi ina neman takardar da zan cike, na danna D fiye da sau ashirin, kowane danna sai in ji sunan wani yanki, har da yankin da layin ado ne kawai a cikinsa. Zango idan ya yi yawa ya daina zama zango. A shafinki wurin sharhi kaɗai nake ganin ya cancanci suna, domin shi ne wurin da mutum zai so ya tafi kai tsaye.

Sadiya_Garwa

Malam Hamidu, na gode ƙwarai, ban taɓa jin wannan daga bakin mai amfani da manhajar ba. Ina da `header` guda biyu, ɗaya a saman shafi, ɗaya a cikin rubutun inda na sa kai da ranar wallafawa. Shin na biyun zai ruɗa ka?

Hamidu_Njamena

Ba zai ruɗa ni ba. Wanda yake cikin `article` ko `main` ko `section` ba a ɗaukarsa a matsayin zangon saman shafi, na waje ne kawai ake sanar da ni. Haka `footer` ma yake. Abin da zan roƙa shi ne kada `main` ya wuce ɗaya.

DanKusiri

Na karɓi gyara kan batun wuri, Malam Isa, amma har yanzu ina ganin a aikace maganata ba ta kauce ba. Akwatin farashin yana gefe, kuma kai ma `aside` ka sa masa. Ina bambancin? Sannan ba wanda ya amsa batun Google.

MalamIsa_Marwa

Bambancin yana fitowa ne idan abin ya bar gefe, ko idan abin da ke gefe ba na gefe ba ne a ma'ana. Ka ɗauka a tsakiyar sashen ginin rumfa an sa ɗan akwati mai ba da labarin yadda masu noman masakwa a karkarar Marwa suke ajiye tasu dawar. Yana tsakiyar shafi, amma idan ka cire shi bayanin albasa bai ragu da kome ba, don haka `aside` ne. Ka ɗauka kuma an sa jerin kayan da ake buƙata don ginin rumfar a hannun dama saboda ya fi kyau a can. Wannan idan ka cire shi manomi ba zai iya ginin ba, saboda haka jikin rubutun ne, kuma dole ya zauna cikin `article` a matsayin jeri na `ul`, ko da CSS ta tura shi gefe. Wanda ya sa masa `aside` ya gaya wa manhajoji cewa ana iya tsallake shi.

Batun Google kuwa, ban yarda a zaɓi alama saboda shi ba. Mayar da `div` zuwa `section` ba ya ƙara wa rubutu daraja, kuma shafukan da aka gina da `div` zalla suna fitowa a sahun gaba kullum. Dalilin da nake iya nuna wa mutum da hannu shi ne wanda Malam Hamidu ya kawo, sai kuma sauƙin da wanda zai gaji aikin zai samu idan ya buɗe fayil ɗin ya ga kowane abu da sunansa.

Rabi_Gaundare

A nan ina da ja, Malam, kan akwatin farashin kansa. Ga manomin albasa farashin kasuwa ba abin gefe ba ne, wataƙila ma shi ne ya kawo shi shafin, tunda dalilin ajiyar tun asali shi ne a jira kasuwa ta tashi. Ni da zan gina shi, `section` zan sa masa da kansa a cikin `main`.

MalamIsa_Marwa

Hujjarki tana da ƙarfi, Hajiya. Abin da na duba shi ne akwatin yana fitowa iri ɗaya a kowane shafi, ko rubutun kan ban ruwa ne ko kan taki, kuma abin da ake maimaitawa a duk shafuka ba a so ya shiga `main`. Kasancewar abu `aside` ba ya nufin ba shi da daraja, yana nufin rubutun da ke gabanmu bai dogara da shi ba. Amma idan rubutun yana cewa a dubi farashin wannan mako kafin a yanke shawarar sayarwa, to ya dogara da shi, kuma zan koma ra'ayinki. Malama Sadiya ce ta san abin da rubutun ya ƙunsa.

Abakar_Abeshe

Gaisuwa ga malamai. Ina so in ƙara abu ɗaya kan wurin sharhi, domin a wajenmu mutum ɗaya zai rubuta da Hausa, na biyu da Faransanci, na uku da Larabci. Kowane sharhi ana iya sa shi cikin nasa `article` a cikin babban `article` ɗin, ƙa'idar ma da wannan ta ba da misali, kuma hakan yana ba ka wurin da za ka rataya harshe da alkiblar rubutu:

```html
<article lang="ar" dir="rtl">...</article>
<article lang="fr">...</article>
```

Sai dai a yi hattara da CSS. Ni na rubuta ado a kan `article` kai tsaye, na ba shi faɗi da tazara mai yawa, sai kowane ƙaramin sharhi ya ɗauki adon babban rubutu, shafin ya yi ta miƙewa. Tun daga ranar nake rataya ado a kan `class`, alamar kuma in bar ta ga ma'ana, ta yadda idan na canza ra'ayi daga `section` zuwa `div` babu abin da zai rushe.

Hamidu_Njamena

Malam Abakar ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Idan aka sa `lang="fr"` kuma akwai muryar Faransanci a kwamfutar, manhajar tana iya sauya murya ta karanta shi daidai. Idan ba a sa ba, sai ta karanta Faransanci da lafazin wani harshe, ba na gane ko kalma ɗaya.

Sadiya_Garwa

Ga inda na kai. Na mayar da 18 ɗin nan, 17 sun koma `div`, na hoton ya zama `figure`. Na sa `main` guda ɗaya, babban rubutu yana cikin `article`, kashi ukun na bar su `section` da `h2` domin ina so a iya tura wa mutum hanyar da za ta kai shi sashen kai tsaye. Gargaɗin `section` ya tafi, amma yanzu sabon gargaɗi ya fito a kan sharhin, mai cewa `Article lacks heading`, tunda masu sharhi ba sa sa wa maganarsu kai. Akwatin farashin na bar shi `aside` tukuna, zan tambayi shugaban ƙungiyar ko yana so rubutun ya riƙa nuni gare shi.

Saura jerin sauran rubuce-rubucen. Kowanne yana da ƙaramin hoto, kai, da jimla ɗaya ta gabatarwa. Shin kowanne `article` ne?

Rabi_Gaundare

Ni `li` nake sa su a cikin `ul`. Hoto da jimla ɗaya ba cikakken rubutu ba ne, ƙofa ce kawai zuwa gare shi, kuma idan aka gwada shi da ma'aunin Malam Isa na tura wa manomin Mokolo, ba zai samu abin da zai yi aiki da shi ba. Gargaɗin sharhin kuwa irin wanda ake iya bari ne, tunda kin san dalilinsa, ko kuma ki sa sunan mai sharhin a matsayin ƙaramin kai.

MalamIsa_Marwa

Akwai ƙwararru da yawa da suke sa irin waɗannan a `article`, suna cewa kowanne wakilin rubutu ne mai zaman kansa, kuma ba zan ce sun saɓa ƙa'ida ba. A shafin farko, inda gabatarwar take da sakin layi guda ko biyu da sunan marubuci da rana, ni ma haka nake yi. A akwatin gefe mai jimla ɗaya kuwa na fi karkata ga Hajiya Rabi. Amma sa sunan mai sharhi a matsayin kai ban gamsu da shi ba, ina so in ji daga Malam Hamidu.

Hamidu_Njamena

Jerin `ul` ya fi mini, domin manhajar tana gaya mini adadin abubuwan da ke ciki tun kafin in shiga, sai in san ko biyar ne ko hamsin. Sunayen masu sharhi kuwa ya danganta da yawansu. Idan sharhi shida ne, ina jin daɗin tsalle daga mutum zuwa mutum da H. Idan sun kai ɗari, jerin kawunan da nake buɗewa da Insert da F7 zai cika da sunaye har kawunan rubutun su nutse a ciki. Malama Sadiya, idan kin ɗora shafin ki sanar da ni a nan, zan bi shi da NVDA da kuma waya in gaya miki abin da na ji a wurin sharhin.

Sadiya_Garwa

In sha Allahu zan ɗora shi bayan na gana da shugaban ƙungiyar ranar Asabar. A yanzu sharhi huɗu ne kawai a kan rubutun, don haka zan sa sunayen a `h3` ka fara gwada shi a haka, Malam.